Wanda ya ce neman gudummawar biki maula ce bai taɓa riƙe littafin biki ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare daga Kanya Babba har Babura da Kazaure, musamman a bakin 'yan boko da masu albashi: wai mai mutunci ba ya buɗe baki ya nemi gudummawar aure. A cewarsu ka aika katin gayyata ka yi shiru, wanda Allah ya taɓa zuciyarsa ya kawo, wanda kuwa ya rubuta saƙo ya faɗi abin da ya rage masa to ya zubar da girmansa. Ban yarda ba. Wannan kunyar ba ta hana kowa nema ba, ta dai koya mana nema a karkace, kuma neman karkace shi ne ainihin maula.

Dubi saƙon da ke yawo a wayoyinmu. Sallama layi uku, addu'a layi biyar, sai "kun dai san halin da ƙasa ke ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023", sai "ba mu da kowa sai Allah sai ku", can ƙasa kuma lambar asusu ta maƙale ita kaɗai kamar baƙon da ba a gabatar ba. Mai saƙon yana ganin ya saya. Mai karantawa kuwa abin da ya gani shi ne mutum yana kuka da talauci, bai faɗi abin da yake so ba, bai faɗi yaushe ba, kuma irin wannan saƙon ne ya tura wa mutum ɗari uku. Idan WhatsApp ya liƙa masa "Forwarded many times" a sama, to magana ta ƙare, an san ba da kai ake ba, da aljihunka ake.

Masu cewa a yi shiru sun manta cewa biki a wurinmu bashi ne, kuma iyayenmu mata ba su taɓa ɓoye haka ba. Kowace uwar biki tana da mai riƙe mata lissafi: wance ta kawo kaza, wance ta kawo turmin atamfa, wance kwanon shinkafa biyu. Ran da nata ya tashi a duba a mayar, sau da yawa har da ƙari. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin wannan musaya tsakanin mata tun zamanin ƙuruciyarta. Samari kuma suna da ajo, wanda kowa ya san don tara wa ango kuɗi ake shirya shi. Ko a addini ma, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a walimar auren Nana Safiyya, bayan Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ke da wani abu ya kawo, aka shimfiɗa buzu, wannan ya zo da dabino, wancan da man shanu, wani da cuku. A fili aka nema, ba a yi habaici ba.

Don haka abin da ke raba gayyata da bara shi ne wa ka aika wa, kafin ma a zo ga me ka rubuta. Wanda ka je bikin ƙanwarsa, ka yi masa barka da rago ko da dubu biyu, wanda kuke zubin adashi ɗaya, sanar da shi haƙƙinsa ne. In ka ɓoye masa ma zai ce ka raina shi. Amma ɗan siyasar da ka samu lambarsa a hannun direbansa, ko tsohon ɗan ajinku da rabonku da gaisawa shekara goma sha biyu, duk yadda ka ƙawata saƙon, roƙo ne.

Bara waccan wani ɗan baffana a Kanya Babba ya tashi aurar da 'yarsa ta fari. Manomi ne, ya sayar da riɗinsa da gyaɗa bayan kaka, ya sayi gado da katifa da kujeru, kuɗi suka tsaya. Ya kawo mini saƙon da wani yaro ya rubuta masa, irin wancan mai hawaye. Muka zauna a zaure muka goge, muka fara da jera sunaye. Mutum talatin da ɗaya muka samu waɗanda akwai biki tsakaninsa da su. Bakwai daga ciki dattawa ne, waɗannan muka cire su daga waya gaba ɗaya, domin ba a aika wa kawu ko suruki rubutu. Goro da alawa ya ɗauka ya hau babur ya je ya durƙusa. Sauran kowa da sunansa aka rubuta masa. Ga wanda ya je wa wani ƙaninsa da ke aiki a Kano:

"Assalamu alaikum ƙanena, ya iyali? An sa ranar auren 'yarka, Asabar ta biyu ga watan gobe, ɗaurin aure bayan Azahar a ƙofar gida. Alhamdu lillahi gado da katifa da kujeru sun samu. Abin da ya rage kayan girki ne da gara da abincin yini. Na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba. In akwai inda za ka kama, kuɗi ko kaya, Yaya Babba ce ke riƙe da littafi, zuwa ƙarshen watan nan muke son rufewa. In kuma lokacin bai dace ba, zuwanka ya ishe mu."

Lura da "'yarka". Ba ado ba ne, 'yarsa ce kuwa, kuma kalmar ta mayar da shi mai biki maimakon mai jinƙai. Faɗin abin da aka riga aka yi shi ne ƙashin bayan saƙon, don wanda ya fara da guminsa abokan aiki yake kira. Faɗin abin da ya rage kuma yana ba wanda ba shi da tsabar kuɗi ƙofa: wata gwaggo daga Roni jarkar man gyaɗa ta aiko, ta gara ta fita. Ba a sa adadi ba, ba a sa lambar asusu ba. Wanda ya tambaya aka tura masa, da sunan da zai gani a banki, saboda 'yan damfara sun sa mutane ɗari-ɗari. An kuma aika da saura mako shida, yadda mai albashi zai ga ƙarshen wata, mai fatauci ya ci kasuwa uku ko huɗu.

Na san abin da za a ce: ai kun buɗe wa malalata ƙofa. Akwai gaskiya a ciki, kuma iyakar a bayyane take. Sadaki na ango ne, wanda ya rubuta yana neman a haɗa masa shi ya gaya wa duniya cewa cefanen gobe ma sai an haɗa masa. Haka kuɗin dina da mai kiɗa da anko kala uku. Ba na ba da sisina don a yi liƙi. Tuni sau ɗaya ake yi, shi ma ta hanyar sanar da lokacin kai amarya. Ita kuwa sabuwar ɗabi'ar nan ta buɗe zauren WhatsApp ana liƙa sunaye, wane dubu hamsin, wane dubu ɗaya, wannan ba gudummawa ba ce, tozarci ne da tara.

Cikin mutum ashirin da huɗun da aka rubuta wa, biyar sun amsa da "Allah ya sanya alheri" kawai. Ɗan baffana ya so ya sake tura musu, na hana shi. Uku daga cikinsu sun zo ɗaurin aure, aka ba su tabarma a sahun gaba kamar kowa. Yaya Babba ta rubuta komai har mudun gero, littafin yana cikin adakarta, kuma watan jiya aka buɗe shi da ƙanin nan na Kano ya aiko cewa matarsa ta sauka.