Wayarka ta ɓata: me zai nemo ta, me zai hana?



Kusan duk wayar Android da ke hannun mutane, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana zuwa da hanyar nemo ta idan ta ɓata. Google ne ya saka ta, da sunan Find My Device, a 2025 kuma ya mayar da sunan Find Hub. Sai dai tana aiki ne kawai idan an shirya ta tun wayar tana hannu.

Mu ɗauki misalin magidanci da ya sauka daga adaidaita sahu a Kano, sai da ya isa shago ya laluba aljihu ya ji wayam. Ya ari wayar maƙwabcinsa, ya buɗe android.com/find. Abin da za a fara tambayarsa shi ne adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da ta ɓata, da kalmar sirrinsa. A nan mafi yawan mutane ke tsayawa cak. Ranar da aka sayi wayar, yaron shago ne ya buɗe akawun ɗin cikin sauri don a sauke WhatsApp, mai wayar bai taɓa tambayar abin da aka rubuta ba. A ganina wannan ya fi ɓarawo hana mutane samun wayoyinsu.

To, a ce ya san kalmar sirrin. Google na iya cewa ya tura lambar tabbatarwa, kuma wayar da ake nema ita ce za ta karɓa. Maganin wannan yana cikin saitin tsaro na akawun ɗin: akwai lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, ana amfani da kowace sau ɗaya. A kwafe su a takarda a ajiye a gida, tare da lambar IMEI mai alƙaluma 15 da ke fitowa idan an danna *#06#, domin 'yan sanda za su buƙace ta.

Idan ya samu shiga, taswira za ta nuna masa inda wayar take, muddin Location a kunne yake, wayar tana da caji, kuma tana kan data ko Wi-Fi. Yana danna Play sound za ta yi ƙara da iyakar ƙarfinta har minti 5, ko da an kashe mata sauti. Idan ta zame ne ƙarƙashin kujerar adaidaita, direban kirki zai ji. Zai kuma iya kulle ta daga nesa, ya rubuta saƙo da lambar da za a kira shi. Goge komai shi ne mataki na ƙarshe, don da zarar an goge, ba za a sake ganin ta a taswira ba.

Matsalar ita ce da yawanmu kashe data muke yi don kada ta ƙare, mu kashe Location don batir ya daɗe. Wayar da ke haka, sai dai a ga wurin da ta yi magana da intanet na ƙarshe. Ku duba lokacin da aka rubuta kusa da alamar wayar a taswira. Idan awa uku ne da suka wuce, tuni adaidaitan ya zaga gari. A 2024 Google ya ƙara wata dabara: wayoyin Android na kusa su ji ɗuriyar taka ta Bluetooth su kai rahoto a ɓoye. Tana da amfani a kasuwa ko tasha, amma a gona ko ƙauyen da wayoyi ba su da yawa, kada a dogara da ita.

Wanda ya sata da gangan kuwa, abin da yake fara yi shi ne kashe wayar ya zare layi. Yawancin wayoyin Android daga nan sun yi shiru ke nan. Masu iPhone 11 zuwa sama sun ɗan fi sa'a, domin idan Find My a kunne yake ana iya gano ta na wasu awoyi bayan an kashe. Ƙaramar waya mai maɓalli ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ko alamar ta fito, da'ira ce take nunawa, wadda kan iya haɗa gidaje da yawa a unguwa mai cunkoso, ba ta kuma bambance bene da ƙasa. Kada ka tara matasa ka buga ƙofar wani da zargin sata. Ɗauki hoton taswirar ka kai ofishin 'yan sanda. Kafin nan ma, ka kira kamfanin layinka da bankinka a rufe, domin layin da aka zare shi ne ke karɓar lambobin cire kuɗi.