Alat ɗin bogi: Dalilin da ya sa saƙon banki a waya bai isa shaidar biyan kuɗi ba

Tun bayan da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka kuma shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, ƙananan 'yan kasuwa da dama suka fara karɓar taransfa ala tilas. Mai shayi, mai nama, mai kayan masarufi, kowa ya rubuta lambar asusunsa a kwali ya rataye. Takardun kuɗi sun dawo daga baya, amma ɗabi'ar ta zauna daram. Abin da gwamnati ba ta tsaya ta koyar ba shi ne yadda mai shago zai tabbatar kuɗin sun shigo kafin kaya su bar hannunsa, kuma a wannan giɓi ne masu alat ɗin bogi suke cin kasuwarsu.

Tushen matsalar shi ne kuɗin da saƙon da ke ba da labarinsu ba hanya ɗaya suke bi ba. Idan aka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, suna ratsawa ta tsarin NIP da kamfanin NIBSS ke gudanarwa. Alat kuwa saƙon tes ne kawai, wanda banki ke aikowa ta layin waya bayan an gama. Sunan da ke bayyana a saman irin wannan saƙo rubutu ne da mai aikawa ke zaɓa, shi ya sa wanda ya samu kafar tura saƙonni da yawa marar tsauraran matakai zai iya sanya sunan banki. Wani lokaci ma wayar takan jera saƙon bogin a ƙarƙashin saƙonnin gaskiya na bankin, domin suna take dubawa, ba asali ba.

Macuci yana buƙatar lambar wayar mai shago kafin ya aiko da saƙon, kuma samunta ba wuya. A OPay da PalmPay, lambar asusu yawanci ita ce lambar wayar mutum, an cire sifilin farko kawai. Wato kwalin da aka rataye a ƙofar shago ya riga ya ba shi duk abin da yake nema.

A ɗauki misalin mai shagon kayan abinci da ke da naira 184,300 a asusunsa. Da magariba, shago cike da jama'a, wani ya zo ya zaɓi kayan naira 62,000, ya ce zai yi taransfa. Ya nuna rasit a wayarsa, ga sunan mai shago, ga adadin kuɗin, ga kalmar "Successful" da koren launi. Bayan daƙiƙu kaɗan wayar mai shago ta yi ƙara, saƙo ya ce an shigar da naira 62,000. A idon mai shago shaidu biyu ke nan. A haƙiƙa babu ko ɗaya, domin rasit hoto ne da ake iya gyarawa ko a ƙirƙira da manhajar bogi, sunan mai asusu kuwa yana fitowa da zarar an shigar da lambar, ko da ba a tura sisin kwabo ba.

Abu guda da macucin bai sani ba shi ne abin da ke cikin asusun tun farko. Idan kuɗin sun shigo da gaske, ragowar za ta koma kusan naira 246,300, ban da ɗan abin da banki ka iya cira na haraji ko caji. Saƙon bogi ko dai ya bar wurin ragowar babu komai, ko ya rubuta adadin da bai dace ba. Amma ko wannan lissafin alama ce kawai. Tabbacin yana cikin asusun kansa: mai shago ya buɗe manhajar bankinsa a wayarsa, ya sabunta shafin, ya ga kuɗin a jerin waɗanda suka shigo da sunan mai turowa da lokacin, sannan ya ga "Available Balance" ya ƙaru. Wanda ke da ƙaramar waya zai iya duba ragowarsa ta lambar bankinsa, kamar *737# na GTBank, *894# na First Bank ko *919# na UBA. Akwai ɗan caji, amma bai kai kuɗin mudun shinkafa ba, balle buhu. Na'urorin POS irin na Moniepoint su ma suna nuna taransfar da ta shigo asusun da aka haɗa su da shi.

Masu cewa a riƙa duba kuskuren rubutu a cikin saƙon sun makara. Wannan shawara ta yi aiki a kan macutan farko. Na yanzu kwafar saƙon banki suke yi harafi da harafi.

Inda lamarin ke da sarƙaƙiya shi ne ba duk wanda kuɗinsa ba su iso ba ne ɓarawo. Sabis yakan tsaya, a cire kuɗi daga asusun mai saye, su maƙale a hanya, daga baya su isa ko su koma masa. Mutumin kirki na tsaye yana nuna shaidar an cire masa kuɗi, mai shago kuma yana jin nauyin riƙe masa kaya a gaban mutane, musamman idan dattijo ne ko mai shiga ta kamala. Wannan kunyar ita ce jarin macuci. Shi ya sa yake zuwa lokacin cunkoso, ya bar mai Keke Napep yana jira a waje, ya ɗaga murya idan aka nemi ya dakata. Mafita ita ce ƙa'ida ɗaya ga kowa, a rubuce kusa da lambar asusun, cewa sai kuɗi sun shigo kaya za su fita. Idan an samu jinkiri, a ware kayan gefe, a karɓi "Session ID" na taransfar, wato lamba mai alƙaluma 30 da bankuna ke bin sawun kuɗi da ita. Mai gaskiya zai dawo ya ɗauki kayansa. Kuma ganin lambar a rasit bai tabbatar da komai ba sai banki ya duba ta.

Akwai kuma raunin da ya shafi tsarin shagunanmu. Sau da yawa yaron shago ne ke sayarwa, alat kuma yana zuwa wayar maigida da ke masallaci ko wata kasuwa. Yaron ya kira, maigida ya leƙa saƙon ya ce "ya shigo, ba shi." Idan asara ta fito, yaron ake tuhuma. Ware asusu na shago kaɗai, wanda mai tsaron shagon ke iya ganin abin da ya shigo ba tare da ikon fitarwa ba, zai rage wannan rigima.

Doka ba ta yi sassauci ba a takarda. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Sai dai mai shagon da aka cuta ba shi da abin da zai nema daga bankinsa, domin babu kuɗin da suka motsa, saboda haka babu abin da za a dawo da shi. Abin da ya rage masa shi ne ofishin 'yan sanda, da saƙon da bai kamata ya goge ba, da kwatancen fuskar mutumin da bai sani ba.

A nan ne ya dace a tambayi CBN da hukumar sadarwa ta NCC, wadda ke kula da layukan da saƙonnin ke bi. Hukuma ce ta tura talaka cikin tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi, amma duk lokacin da aka ari sunan banki aka aika masa ƙarya, shi kaɗai ke ɗaukar asarar, ba bankin da aka yi amfani da sunansa ba, ba kuma kamfanin da saƙon ya ratsa ta layinsa ba.