Kafin a zargi kamfani da satar data, a fara bincikar wayar

A Gafasa da ke ƙaramar hukumar Ajingi, kamar sauran garuruwan yankin Gaya, yawancin masu waya da datar layinsu kaɗai suke hawa intanet. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, duk wanda datarsa ta ƙare da wuri kamfani yake fara zargi. Amma sau da yawa ɓarawon yana cikin wayar, kuma ita kanta tana rubuta abin da kowace manhaja ta ci.

A ɗauki misalin matashin da ya sayi gigabait ɗaya na mako. Yana cikin zaurukan WhatsApp da dama, wayarsa kuma tana sauke bidiyo da kanta. Idan aka turo bidiyo 20 masu nauyin megabait 15 kowanne, megabait 300 sun tafi ko bai kalli ko ɗaya ba. Da yamma ya kunna wa ƙaninsa Hotspot. Wayar ƙanin tana ɗaukar wannan a matsayin Wi-Fi, don haka sai Play Store ta fara sabunta manhajoji da datar yayan. Kafin kwana biyu, gigabait ɗin ya ƙare.

Gano mai laifin ba shi da wuya. A wayar Android, a shiga Settings, a rubuta Data usage a wurin bincike, domin wurin da yake ya bambanta tsakanin Tecno, Infinix da Samsung. Manhajoji za su fito a jere, mafi ci a sama. Idan aka taɓa ɗaya, akasarin wayoyi kan nuna adadi biyu: Foreground shi ne abin da ta ci lokacin da ake amfani da ita, Background kuwa abin da ta ci a ɓoye. Duk wadda ba a cika buɗewa ba amma na ɓoyenta ya yi yawa, a kashe mata Background data.

Sai dai kada a yi wa WhatsApp haka, domin saƙo zai riƙa makara har sai an buɗe ta. Maganinta yana Storage and data: a ƙarƙashin When using mobile data, a cire alamar bidiyo. Wayar da ke hawa Hotspot kuma a saita mata shi a matsayin Metered.

Wannan bai wanke kamfanoni ba. A danna *323# a ga ragowar data, a kwatanta da lissafin wayar tun daga ranar da aka saya. Idan tazarar ta yi yawa, a kira kamfanin a 300. In bai warware ba, a kai ƙara NCC a 622. Mai ƙorafi da alƙaluma a hannu ya fi wuyar sallama.