Kafin ka ƙirga dala, fara ƙirga awoyi

Kwanan nan duk inda ka zauna a hostel, hirar ɗaya ce: aikin amsa saƙonnin kwastomomi daga gida, ta cat ko imel, a biya ka da dala. Na yi shi wata huɗu, kuma ra'ayina shi ne aiki ne na gaske, amma cikakken shif ba na ɗalibin da ke tsakiyar zangon karatu ba ne.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne gwajin tayifin, alhali shi ne mai sauƙin. Ana lissafa duk haruffa biyar a matsayin kalma ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan ka buga haruffa 225 a minti ɗaya, ka yi kalma 45 ke nan. Idan ka bar kurakurai biyar ba ka gyara ba, gwaje-gwaje da yawa za su mayar da kai 40. Ni 40 ɗin aka nema a wurina. Saboda haka rage gaggawa, daina kallon kibod, saurin zai zo da kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Kwastomomin kamfanin da na yi wa aiki suna gabashin Amurka. Ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma a New York, a nan 2 na rana ne zuwa 10 na dare. Da suka mayar da agogonsu baya a Nuwamba, sai ya koma 3 zuwa 11. Na ce ai da sauƙi, ashe firaktikal ɗinmu na Talata ƙarfe 2 ake shiga. Kuma cat ba ya jira: mutum uku nake amsa wa lokaci guda, ana auna daƙiƙun da na ɗauka kafin amsar farko. Wallahi ko alwala sai da lissafi. Sakamakon wancan zangon, kwas ɗaya na ɗauko a ka.

Batun kuɗi kuwa, dala 3 ake ba ni a awa. Awa 40 a mako, mako huɗu, dala 480 ke nan. A baki da daɗi. Amma cire data, cire man janareta idan an ɗauke wuta, cire abin da ake yanka kafin kuɗin su zama naira. Ranar da netwok ya yanke, ba a biya ni awoyin ba.

Shawarata, ɗan'uwa ko 'yar'uwa: nemi ɓangaren imel, domin yakan ba ka sararin numfashi, ko shif na Asabar da Lahadi. Tambayi lokacin aiki da agogon Najeriya, ka ɗora shi a kan jadawalin lacca kafin ka ce to. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin horo kafin ya ɗauke ka, kai ne kasuwarsa.