ZINARIN MARAYU: A YI LISSAFI DA KWANAN WATA, BA DA BAKI BA



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata gardama ce da na tarar tsakanin 'yan uwa biyu bayan an tashi daga karatu. Ɗayansu yana riƙe da dukiyar marayun yayansa, kuma sau uku yana sayen zinari da ita a cikin shekara uku. Da aka kai zinarin kasuwa aka yi masa kuɗi, sai ya dawo yana murna yana cewa dukiyar ta ninka, ribar ɗari bisa ɗari ke nan. Ɗayan kuma, wanda kawun yaran ne ta wajen uwa, ya ce a'a, ai shekara uku aka yi, don haka a raba ɗari gida uku, abin bai wuce kashi 33 a shekara ba. Kowa ya kafe a kan bakansa. Ni kuwa ina ganin dukkansu biyu sun kuskure, kuma kuskuren nasu ya game gari. Wanda duk ke riƙe da amanar wani bai kamata ya tsaya a kan "na ga kamar an ci riba" ba, domin ranar da yaran za su girma su nemi bayani tana tafe.

Bari in kawo misali mai kama da nasu, da adadi masu cika don sauƙin bi. A ce a watan Janairun 2022 an sayi giram 10 na zinari mai karat 21 a kan Naira 35,000 kowane giram, wato Naira 350,000. A Janairun 2023 aka ƙara giram 10 a kan 45,000, wato 450,000. A Janairun 2024 aka sayar da wani fili na mamacin, aka sayi giram 20 a kan 80,000, wato 1,600,000. Jimla giram 40, an kashe Naira 2,400,000. A Janairun 2025 mai sayen gwal ya ɗora a sikeli ya ce zai biya 120,000 a giram, wato 4,800,000.

Gaskiya ne kuɗin ya ninka. To amma a cikin wane lokaci? Mai cewa shekara uku ya manta cewa Naira 350,000 ce kawai ta yi shekara uku a cikin zinari. Kashi biyu cikin uku na dukiyar, wato 1,600,000 ɗin nan, shekara ɗaya tak ta yi. Da ya raba ribar gida uku sai ya ɗora wa kuɗin filin shekaru biyun da bai yi ba, ya rage wa waliyyin haƙƙinsa na yabo. Shi kuma mai cewa ɗari bisa ɗari bai ambaci lokaci ba sam, alhali riba ba tare da lokaci ba magana ce rabi. Ninki a shekara guda ciniki ne, ninki a shekara ashirin kuwa a ƙasar nan hasara ce tsagwaronta.

Hanyar da ta dace ita ce ka tambayi kanka: wane kaso ne, in da kowane kuɗi yana ƙaruwa da shi duk shekara tun daga ranar da ya shiga, zai kai mu 4,800,000 a ƙarshe? Ba sai ka je jami'a ba, kalkuletar da ke cikin wayarka ta isa, gwaji ne kawai ake yi. Fara da kashi 50. Ƙarin kashi 50 yana nufin ka ninka kuɗin da 1.5 a kowace shekara. Kuɗin farko ya yi shekara uku, sai ka ninka 350,000 da 1.5 har sau uku, ka sami 1,181,250. Na biyu sau biyu, ka sami 1,012,500. Na uku sau ɗaya, 2,400,000. In ka tara za ka ga 4,593,750, bai kai abin da ke hannu ba, ashe ribar ta fi kashi 50. Gwada kashi 60 ta wannan hanya, za ka sami 5,145,600, ya zarce. Amsar tana tsakani ke nan. Da ka gwada kashi 54 za ka faɗa kan kimanin 4,809,500, wanda ya yi kusa ƙwarai. Saboda haka ribar wannan zinari wajen kashi 54 ce cikin ɗari a shekara. Ba ɗari ba, ba kuma 33 ba.

Wani zai ce me zai hana a tara lokacin da kowane kuɗi ya yi, a raba ribar da shi kai tsaye? In ka yi haka za ka sami kusan kashi 68, kuma ya fi gaskiya yawa, domin bai lura da cewa ƙaruwar shekarar farko ita ma tana ƙaruwa a shekara ta biyu ba. In saye bai faɗo a kan cikar shekara ba, sai ka yi da watanni: kuɗin da ya yi wata shida rabin shekara ya yi, haka za a lissafa shi. A nan ne rasit ke da amfani. Wanda bai rubuta ranar saye da nauyi da karat da abin da ya biya ba, ya rufe wa kansa ƙofar wannan lissafi baki ɗaya.

Yanzu sai a kwatanta da ajiya, kuma a nan ma akwai zalunci da ake yi wa lissafi. Ba a cewa "da na ajiye 2,400,000 shekara uku", don ba ka da wannan kuɗi a 2022. Kuɗin da ka sayi zinari da su, a ranakun da ka saya, su za ka ɗauka kamar ka zuba su a asusu. Ba na maganar kuɗin ruwan bankunan riba, wannan ba namu ba ne balle mu sa shi a ma'auni, kuma ba a ciyar da maraya da shi. Ina nufin asusun mudaraba irin na bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda aka fara samu a Nijeriya tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, inda ake raba ribar da aka samu ba tare da an yanke ta tun farko ba. A ce rabon ya kama kashi 8 a shekara. Ka ninka kuɗin farko da 1.08 sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau ɗaya, za ka tashi da kimanin Naira 2,694,000. In kuwa a cikin akwati aka ɓoye su, suna nan 2,400,000 ɗinsu, ba ƙari. Tsakanin zinarin da asusun akwai tazarar fiye da Naira miliyan biyu.

To amma kada mai karatu ya nannaɗe jaridar nan ya nufi layin masu gwal tukuna. Mafi yawan wannan kashi 54 ba zinarin ne ya yi ƙiba ba, Naira ce ta rame. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, daga wajen 460 a kan Dala ɗaya ta wuce 1,500 a farkon 2024. Waɗanda suka ga abin da tsarin SAP ya yi wa kuɗin ƙasar nan daga 1986 ba su yi mamaki ba, talaka ne dai kullum ke biyan bashin da bai ci ba. A kasuwar duniya kuwa, oza ɗaya ta zinari, wato giram 31 da ɗoriya, ta tashi ne daga wajen Dala 1,800 a farkon 2022 zuwa wajen 2,600 a ƙarshen 2024. Wannan bai wuce kashi 13 a shekara ba.

Ma'aunin gaskiya shi ne abin da kuɗin zai saya wa yaran na masara da kuɗin makaranta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8. Dubi sayen ƙarshe, wanda ya tashi daga 80,000 zuwa 120,000, ƙarin kashi 50. In ka raba 1.50 da 1.348 za ka sami 1.11, wato ribar haƙiƙa kashi 11 ce kacal. Asusun mai kashi 8 kuwa, raba 1.08 da 1.348, ka ga 0.80. Lambar da ke cikin littafin banki ta ƙaru, amma kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin kuɗin ya zurare a shekara guda. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da waliyyin yake da ita, ba maganar ninki ba: ya tsare dukiyar daga zagwanyewa, har da ɗan ƙari.

Akwai kuma abin da ke rusa lissafin mutane da yawa, wato ɗaukar farashin da ake sayarwa a shago a matsayin darajar abin da ke hannunsu. Ranar da mai shago ke saye a 120,000, ta yiwu shi yana sayarwa a 132,000, don akwai kuɗin ƙira da ribarsa, kuma in sarƙar tana da duwatsu zai cire nauyinsu. Wanda ya saya da safe ya mayar da yamma ya yi asarar kashi 9. Saboda haka kuɗin da za a buƙata nan da wata uku don biyan haya ko magani ba na zinari ba ne, wurinsa asusu. Kuma zinari yakan faɗi. Ya kai wajen Dala 1,900 a 2011, ya gangaro kusan 1,050 a ƙarshen 2015. Farashin Dala 850 da ya taɓa a 1980 bai sake ganinsa ba sai a 2008. Ya haura Dala 4,000 a Oktobar 2025, amma wannan ba alkawari ba ne ga mai saye bayan nan, musamman in Naira ta tsaya wuri guda.

Saura zakka. Zinarin ajiya ba kamar na adon da mace ke sawa ba ne, a mazhabar Malikiyya ana fitar masa da kashi biyu da rabi in ya cika nisabi, wato kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo, ko da dukiyar maraya ce. Giram 40 shi kaɗai bai kai ba, sai dai in akwai wasu kuɗin da za a haɗa da shi. In an fitar, a rubuta adadin da ranar, a cire shi daga ɓangarorin biyu, domin kuɗin asusu ma ba su tsira daga gare ta ba.

Na ba waliyyin nan shawara ya sami littafi guda, ya ja layi biyar: rana, giram, karat, abin da aka biya, da abin da mai saye ya taya. Duk shekara a wata ɗaya ya kai zinarin wurin masu saye biyu su auna, ya rubuta mafi ƙarancin tayin, ya maimaita gwajin nan a gaban kawun yaran, su sa hannu su biyu.