Jawabin biki: Labarin yarinta na surukai ne, ba na 'yan ɗaki ba

Al'adar miƙa wa ɗan'uwan amarya ko na ango makirufo a wajen walima daga birane ta taso, amma yanzu har a garuruwan Arewa irin su Ɗan Kassari, da ke kan babbar hanyar Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, akan ga haka. Da zarar an ce wan amarya ya yi magana, sai ya koma yarinta. "Kin tuna ranar akuyar Inna?" Mutum biyar su fashe da dariya, sauran jama'a su yi zuru suna jiran a gama.

A ganina matsalar ba ta tuna baya ba ce, ta wanda ake ba labarin ce. 'Yan gida sun riga sun san amarya. Waɗanda ba su san ta ba su ne dangin ango da suka taso daga Tibiri ko Yamai, kuma cikinsu za ta zauna daga gobe. Su ya kamata mai jawabi ya fuskanta.

A ce yana so ya nuna ƙanwarsa mai rufa asiri ce. Ba sai ya jero abubuwa goma ba, ɗaya ya isa, amma ya ba shi kai da gindi. Ya gaida iyaye da surukai, ya faɗi ko shi wane ne a wajen amarya, sannan ya ce: "Iyayena, tana shekara tara aka aike mu rijiya. Guga ya suɓuce mini ya faɗa ciki. Da muka dawo gida, kafin in buɗe baki ta ce ita ta sake shi, ta sha faɗan da ya kamata in sha. Wannan ita ce 'yar da muka ba ku amana." Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san tashin hankalin guga a rijiya, ba ya buƙatar sanin gidan. Minti uku sun ishi jawabin gaba ɗaya, har da addu'a. Kafin ranar, ya gwada labarin a kan wani abokin da bai san gidansu ba. In abokin ya tambayi "wace ce wance?" sau biyu, labarin na cikin ɗaki ne, a bar shi can.

Akwai kuma wariyar da ta fi ta baƙi ciwo, wadda ba a cika lura da ita ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kalmar "ɗakinmu" kaɗai ta isa ta ware rabin gida. Mai jawabi ya yi ta yabon wahalar da mahaifiyarsu ta sha, alhali abokiyar zamanta, wadda wataƙila ta goyi amaryar nan, tana zaune da 'ya'yanta. Ba za su ce komai a wajen ba, amma maganar za ta fito bayan biki. Haka nan gwaggon da ta riƙe ta shekara da shekaru. Gara ya ce "iyayenmu mata", ya zaɓi abin da ya faru a tsakar gida ko a gona, inda 'yan uba ma suna nan.

Sunan tsokana kuwa, ko an matsa masa kada ya faɗe shi. Sunan da ya fito ta lasifika ba ya komawa gida, ƙannen miji za su riƙe shi har ta yi jikoki. Labarin fitsarin kwance, ko na wanda ya fara nemanta, bai ma kai a yi muhawara a kansa ba.

Wani zai ce to ina daɗin, in an cire duk abin dariya? Ai ƙasar nan ba ta rasa dariyar da kowa ke da rabo a ciki ba. Wasan barkwanci na Nijar ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2014, kuma tsakanin Arawa da Fulani ba sabon abu ba ne. In akwai Bafulatani cikin baƙi, zolaya ɗaya gare shi za ta tada filin, domin kowa ya san ƙa'idar wasan, shi ma yana da damar ramawa. Sai dai wasa ne na abokan wasa. Surukin da ba ka da wasa da shi, gaisuwa da girmamawa ne nasa.

Mai jawabi zai iya gane ya fara rasa jama'a tun yana tsaye. Dariya na fitowa daga tabarma ɗaya, bangaren surukai sun koma kan wayoyinsu, mata sun fara hirar anko, mai gabatarwa yana matsowa kusa da shi. In ya ga haka, kada ya ƙara wani labarin don ya gyara. Ya juya wajen dangin ango, ya gode musu da tahowar da suka yi, ya yi wa ango da amarya addu'ar zaman lafiya, ya miƙa makirufo.