Bidiyon da batir ya yanke: kada ka goge shi tukuna

 A makon nan zan taɓa wata matsala da ake yawan kawo mini a shago tun da aka san ina ɗan taɓa kwamfuta. Mutum yana cikin ɗaukar bidiyo, ko na suna, ko na walima, ko na sauke kaya, sai waya ta mutu ɗif. Ya sa caji, ya kunna, ya ga fayil ɗin yana nan, amma ya ƙi buɗuwa. Yawancin mutane a nan suke cewa ya lalace su goge. To a mafi yawan lokuta hoton da muryar suna nan cikin fayil ɗin, abu guda ne kawai ya ɓace, kuma ana iya sake gina shi.

Bari mu fara da abin da ya faru a ciki, domin wanda ya gane wannan ba za a cuce shi a wurin gyara ba. Ka ɗauka tirela ce ake lodi a Kano za ta Kumasi. Lebura suna ta jera kwalaye, babu rubutu a jikin ko ɗaya, magatakarda kuma yana riƙe da lissafin a kansa, sai an gama lodi zai zauna ya rubuta takardar kaya: kwali kaza yana wuri kaza, girmansa kaza, na wane ne. Idan aka ɗauke magatakardan kafin ya rubuta, kaya suna nan cikin mota lafiya lau, amma wanda zai sauke bai san inda wani kwali ya ƙare wani ya fara ba.

Haka fayil ɗin MP4 yake, da ɗan'uwansa MOV. Yayin da kake ɗauka, waya tana zuba hoto da murya a wani babban sashe da ake kira mdat. Takardar kayan kuwa sunanta moov. A cikinta ake rubuta inda kowane hoto yake, girmansa, lokacin da za a nuna shi, da irin matsin da aka yi wa bidiyon domin ya ƙanƙance. Waya ba ta iya rubuta wannan sai ka danna tsayawa, saboda kafin nan ba ta san tsawon abin ba. Wayar da batirinta ke da lafiya takan rufe kamara ta adana kafin ta mutu. Wadda batirinta ya tsufa ko ya kumbura, irin wadda ke faɗowa daga kashi 15 zuwa duhu, ita ce ba ta samun wannan damar.

Abu na farko da za ka duba shi ne nauyin fayil ɗin. Shiga wurin ajiyar fayiloli na waya, ka buɗe DCIM, sannan Camera. A wayoyi da yawa, bidiyon 1080p yana cin megabait ɗari da wani abu a kowane minti ɗaya. Idan ka ɗauki kusan minti goma ka ga fayil ya haura gigabait ɗaya, alhamdu lillahi, kayanka suna cikin mota. Idan kuwa ka ga sifili, ko 'yan kilobait kaɗan, motar babu komai a ciki, kuma babu gwanin da zai fitar da abin da ba a rubuta ba. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya gyara fayil mai nauyin sifili, riƙe kuɗinka.

Wani lokaci ma ba za ka ga fayil ɗin ba sam. A wayoyin Android na baya-bayan nan, bidiyon da ba a kammala ba yakan zauna a ɓoye da suna mai farawa da `.pending`, kuma waya kan share irin wannan da kanta bayan kamar mako guda. Sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a manhajar ajiya, ka kwafe shi zuwa wata folda, ka sake masa suna. Kada ka ce sai ka dawo daga tafiya. Kuma kada ka taɓa manhajojin nan masu share datti a waya kafin ka kwafe, domin a wurinsu wannan fayil datti ne.

Akwai dabarun da ake yawan gwadawa waɗanda ɓata lokaci ne kawai: sauya ƙarshen sunan fayil, ko tura shi ta WhatsApp, ko sa shi a manhajar juya bidiyo zuwa wani nau'i. Dukkansu sai sun karanta takardar kayan kafin su yi aiki, ita ce kuwa babu.

Abin da ke aiki shi ne a samo wani bidiyo lafiyayye da wayar nan ta ɗauka, da saiti iri ɗaya, a koya daga gare shi yadda wayar take jera kayanta, sannan a bi lalataccen daga farko zuwa ƙarshe ana sake rubuta takardar. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta da aka yi don wannan aikin, sunanta untrunc, ana samunta a GitHub, kuma akwai ta Windows. Ba sai kana da kwamfuta ba. Yaron da ke sa waƙoƙi a katin memori a bakin kasuwa zai iya yi, in dai ka tsaya a kansa ka gaya masa matakan.

Bari in kawo misalin da aka yi a gabana. Wani maƙwabcina a kasuwa, mai sayar da kayan tangaran, ya karɓi kwalaye arba'in. Da ya ga wasu sun lotse, sai ya sa yaron shagonsa ya riƙa ɗaukar bidiyo yana yanka su ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga fasassun farantai, domin wanda ya aiko kayan ba ya karɓar ƙorafi sai da bidiyon buɗewa. Sun kai wajen minti tara waya ta mutu. Kwalaye kuwa an riga an yanka, ba a sake buɗe kwali sau biyu. Ya zo mini hankali a tashe yana cewa, “Malam, shi ke nan an ci ni?” Na ce, “Alhaji, mu duba nauyinsa tukuna.” Gigabait 1.1 muka gani, daidai da abin da minti tara zai ci.

Muka jona wayar da kebul, muka kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta, muka sake yin kwafi na biyu muka ajiye gefe. A kan kwafi ake aiki, ba a taɓa na asali, balle wannan da shaida ce. Muka sa wa kwafin suna mai sauƙi, sannan muka tabbatar da ciwon da ffprobe, wanda ke zuwa tare da ffmpeg:

```
ffprobe lalatacce.mp4
```

Amsar da ta fito tana ɗauke da `moov atom not found`. Idan ka ga wannan, ciwon da muke magana a kai ne. Idan wani saƙo daban ya fito, wataƙila katin memori ne ya samu matsala, wannan kuma wani aikin ne.

Sai neman lafiyayyen bidiyo. Yaron ya kawo wani da maigidan ya taɓa tura masa ta WhatsApp, muka gwada, abin da ya fito ya ƙi nuna hoto. Dalili shi ne WhatsApp yana sake matse bidiyo kafin ya tura, saboda haka wanda ya iso ba jerin wayar ba ne kuma. Dole a ɗauko na asali daga cikin DCIM. Idan wayar tana nesa, a turo shi a matsayin Document, wannan hanyar ba ta taɓa shi. Kuma dole saitin ya zo ɗaya: girman hoto ɗaya, yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya, kamar 30 ko 60, nau'in matsi ɗaya, H.264 ko HEVC, kuma kamarar baya idan da ta baya aka ɗauka. Idan babu tsohon bidiyo, ka ɗauki sabo na kamar minti ɗaya ba tare da ka taɓa saiti ba, ya wadatar. Mu mun samu wanda Alhaji ya ɗauka kwana uku kafin nan. Umarnin layi ɗaya ne, lafiyayye a gaba, lalatacce a baya:

```
untrunc lafiyayye.mp4 lalatacce.mp4
```

Kada a juya su. Bayan 'yan mintoci sabon fayil ya fito a foldar, sunansa yana ɗauke da `_fixed`, nauyinsa kusan ɗaya da na lalataccen, don haka ka tabbatar kwamfutar tana da wuri tun farko. Idan aikin ya tsaya a tsakiya, ko sabon fayil ya fito gajere ƙwarai, sabon nau'in manhajar yana karɓar `-s` bayan sunanta, wanda ke sa ta tsallake wurin da ba ta gane ba ta ci gaba.

Muka buɗe shi da VLC. Minti takwas da daƙiƙa hamsin da wani abu suka dawo. 'Yan daƙiƙun ƙarshe sun tafi, saboda suna kan hanya ne, waya ba ta kai ga rubuta su ba, kuma wannan ba ya dawowa. Zuwa ƙarshen bidiyon murya ta ɗan riga hoto da kamar daƙiƙa ɗaya. Wannan ma yakan faru, domin waya ba ta ɗaukar hotuna da tazara ɗaya koyaushe, musamman a sito mai duhu, lissafin lokacin kuwa yana cikin takardar da ta ɓace, kintace kawai manhajar ta yi. Amma lambar kowane kwali ta fito sarai, ƙirgen ma an ji shi, Alhaji ya tura a ranar.

Ka kalli bidiyon da aka gyara daga farko har ƙarshe kafin ka sallami mai gyara. Hoto kore, ko mai wargajewa murabba'i-murabba'i tun daga farko, alama ce ta cewa lafiyayyen da aka kawo bai dace ba, a sake wani. Wargajewa a wuri ɗaya kawai kuma tana nuna nan ne rubutun ya samu tangarɗa.

Shafukan intanet masu cewa a ɗora musu bidiyo su gyara, su ma lafiyayye suke nema, aikin ɗaya ne. Sai dai za ka ƙone data mai yawa, da yawansu sai sun nuna maka kaɗan su ce ka biya, kuma bidiyon iyalinka ya shiga hannun wanda ba ka sani ba. Haka nan idan a shagon wani aka yi gyaran, ka tsaya ya goge kwafin a gabanka.

Nan gaba idan abin da za ka ɗauka ba ya maimaituwa, ka riƙa danna tsayawa duk bayan minti huɗu ko biyar ka sake farawa. Duk sanda ka tsaya, waya ta rubuta takardar wannan ɓangaren, ko ta mutu gutsure na ƙarshe kaɗai zai shiga haɗari. A wurin buɗe kaya, ka tsaya a tsakanin kwali da kwali, kana nuna lambar na gaba kafin ka yanka. Wayar da ke mutuwa alhali tana nuna saura caji kuwa, a canja mata batir kafin ranar biki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiya da iyali. Sai mako mai zuwa in sha Allahu.